Shari'ar abincin kaji da miliyan 22 ɗin da Alhaji bai so a rubuta ba

Ni akanta ne a wani kamfanin haɗa abincin kaji a Kano, shekarata ta shida kenan a wajen, kuma gaskiya sai a rufe littafin 2022 na fahimci ma'anar furobishan da kyau, wato bashin da ake rubutawa a littafi alhali ba a tabbatar da adadinsa ko lokacin biyansa ba, duk da na karanta IAS 37, ƙa'idar lissafi ta duniya da ta yi magana a kansa, tun a makaranta har na ci jarabawa a kai. Karatu daban, ranar da odita ta zauna gabanka da jan biro daban.

A watan Agustan 2022 wani mai gidan gona ya sayi buhu 400 na abincin kajin ƙwai a wajenmu, bayan kamar sati uku kajinsa suka fara mutuwa, waɗanda suka rage kuma suka rage yin ƙwai sosai. Ya zo ya yi ƙorafi, manajanmu ya ce cuta ce ta shiga masa ba abinci ba, maganar ta ƙi ƙarewa har a Nuwamba ya maka mu a babbar kotun jiha yana neman naira miliyan 60. Toh da na zo rufe lissafin shekara ban rubuta komai a kan shari'ar ba, ko layi ɗaya, a tunanina tunda ba a yanke hukunci ba ai babu abin rubutawa. Amma kuma na ware miliyan 12 a matsayin furobishan na gyaran babban janaretanmu, saboda injiniya ya ce dole a kwance shi a 2023, ni kuma ina ganin taka-tsantsan ne a fara nuna kuɗin tun yanzu.

Oditar da ta zo, wata Hajiya ce mai sanyin magana, ta ɗora biro a kan miliyan 12 ɗin ta ce, Malam, a ranar 31 ga Disamba waye yake binku bashin gyaran nan? Na ce babu kowa tukunna, amma ai tabbas za a yi gyaran. Ta ce idan Alhaji mai kamfanin ya tashi gobe ya sayar da janaretan ya sa sola, wa zai zo ya ce ku biya shi? Na yi shiru. Nan ta soke shi, ta ce duk kashe kuɗin da za ka iya kauce masa ta hanyar canza shawararka ba bashi ba ne, kasafin baɗi ne, ranar da aka yi gyaran sai a rubuta. Sannan ta juyo ta ce a ba ta fayil ɗin shari'a, wanda ni ban ma ɗauka ya shafe ni ba.

A nan ne na ga na kifa abin. Ni ina auna yadda nake da tabbacin kuɗi za su fita, ita kuma abin da ta fara dubawa shi ne ko abin da zai jawo biyan ya riga ya faru kafin shekara ta ƙare. Gyaran janareta tabbas ne amma bai faru ba. Sayar da buhu 400 kuwa ya faru tun Agusta, in har abincin ne ya kashe kajin to haƙƙin mutumin ya hau kanmu tun lokacin, kotu tabbatarwa kawai za ta yi, kuma ba mu da hanyar zillewa ko da mun rufe masana'antar.

Ƙa'idar ta ce sai abu uku sun haɗu kafin a shigar da asara cikin littafi: akwai nauyi a kanka yanzu saboda abin da ya riga ya faru, sannan biyan ya fi rashin biya yiwuwa, wato ya wuce rabi, sannan kana iya ƙiyasta kuɗin ƙiyasi mai madogara. In ɗaya ya faɗi, ba a taɓa riba ba a taɓa bashi, sai dai a rubuta bayani a shafukan ƙarin bayani na bayan rahoto cewa ga wata rigima fa tana nan kuma ga abin da za ta iya ci, wannan shi ne bashin da yake rataye. Sai in yiwuwar biyan ta yi nisa ƙwarai ne ake yin shiru gaba ɗaya.

To wa zai ce ya wuce rabi ko bai wuce ba? Ba ni ba, ba Alhaji ba. Muka rubuta wa lauyanmu takarda, kuma amsarsa ta farko ba ta da amfani ko kaɗan, cewa ya yi muna da ƙwaƙƙwarar kariya kuma za mu kare kanmu iya ƙarfi. Hajiya ta ce duk lauya haka yake rubutawa, a koma a tambaye shi kai tsaye. Na kira shi na ce Barista don Allah abu biyu nake so a rubuce, a ganinka wanne ya fi yiwuwa, mu ci ko a ci mu, in kuma an ci mu nawa. Ya rubuto cewa mai ƙara bai da wani gwaji da ya haɗa mutuwar kajin da abincinmu, ya fi ganin za mu yi nasara amma ba zai ce babu haɗari ba. Da wannan aka tsaya a bayani kawai a rahoton 2022, sakin layi ɗaya, an faɗi akwai ƙara, an faɗi adadin da ake nema, an faɗi ra'ayin lauya.

A 2023 abin ya juya. Muna ajiye samfur daga kowane haɗi da muka yi, kotu ta sa aka kai samfurin wancan haɗin dakin gwaji, sakamako ya dawo da gubar funfuna, afulatoksin, mai yawa, irin wadda take fitowa daga masarar da aka adana da danshi. Da na ga takardar jikina ya yi sanyi, don na tuna masarar da aka sauke mana a daminar 2022. Barista ya sake rubutowa, yanzu ya fi ganin za a ci mu. Sharaɗi na biyu ya cika kenan, saura nawa.

Nan ma na so in yi kuskure, na ce a sa miliyan 60 ɗin duka a huta. Amma abin da mai ƙara ya nema ba shi ne ƙiyasi ba, cikin 60 ɗin nan fiye da rabi ribar da yake cewa da zai samu nan da shekara biyu ce, kuma Barista ya ce da wuya ya iya tabbatar da ita. Muka zauna da rasit ɗin kajin da suka mutu da kuɗin magani da kuɗin abincin da ya saya, Barista ya ce abin zai iya sauka zuwa 15, zai iya hawa 35, amma wanda ya fi kusa shi ne 22. Tunda shari'a ɗaya ce tak, ana ɗaukar sakamakon da ya fi yiwuwa ne tare da duba sauran, da a ce yawancin sauran sun fi 22 nesa da sai mu ɗaga. Ba kamar buhunan da kwastomomi ke dawo mana da su duk wata ba, su da yake suna da yawa matsakaici ake fitarwa daga tarihin baya. Na shigar da 22, debit a kashe kuɗi, kiredit a furobishan. Ko kwabo bai fita daga banki ba, amma ribar shekara ta ragu da miliyan 22 kuma bashin da ke kanmu ya ƙaru da haka.

Shawo kan Alhaji shi ne aikin da ya fi lissafin wuya, kuma ban ga laifinsa ba. Da na kai masa daftarin ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar ya ce, kai yanzu alƙali bai yanke ba kai ka yanke, wannan ai fatan tsiya ne, kuma in lauyan wancan ya gani ai mun amsa laifi da hannunmu. Na ce ranka ya daɗe ba fata ba ne, banki da wannan rahoton za su sabunta mana bashin sayen masara, in muka nuna musu ribar da mu kanmu mun san akwai haƙƙin wani a ciki to mun ɓoye musu gaskiya, kuma da wannan ribar za a raba wa 'yan uwanka masu hannun jari, in an raba kuɗin sannan hukunci ya zo daga ina za a ciro. Maganar amsa laifi kuwa damuwa ce ta gaske, kuma ƙa'idar ta san da ita, in bayyana dalla-dalla zai cutar da matsayinka a shari'a sosai za ka iya taƙaita bayanin ka faɗi yanayin rigimar da dalilin da ya sa ka taƙaita, abu ne da ba a cika yarda da shi ba sai da hujja, amma kuɗin kam dole su shiga littafi.

Sai ya kawo wata, wai dillalin masarar ya yi masa alkawari da baki zai ɗauki rabi, don haka a sa 11. Wannan ma ba ta yiwu ba. Asara da ta wuce rabi ake rubuta ta, amma kuɗin da kake sa ran wani zai mayar maka sai ya zama kusan tabbas, kuma ko ya zama ɗin a gefen kadara ake nuna shi daban, ba a rage bashin da shi, saboda mai gidan gona mu yake bi ba dillali ba. Alkawarin baki a zaure bai kai nan ba. Har yau dillalin bai biya ko sisi ba, da mun sa 11 da wani gyaran ne ya same mu.

Na tambayi Hajiya ko sai mun koma mun gyara rahoton 2022 tunda abincin a 2022 aka sayar, ta ce a'a, da bayanin da ke hannunku a lokacin kun yi daidai, sabon bayani ne ya zo, a shekarar da ya zo ake rubuta shi.

A watan Maris na 2024, ba a riga an sa hannu a rahoton 2023 ba, dattawa suka shiga tsakani aka yi sulhu a kan miliyan 19. Da yake sulhun ya ƙara haske ne a kan bashin da dama yana nan tun kafin 31 ga Disamba, ba a bar shi zuwa 2024 ba, na koma na sauke 22 zuwa 19 a lissafin 2023 ɗin, aka sa hannu bayan kwana huɗu. Tun daga lokacin, kowace Disamba kafin in taɓa komai nake tura wa Barista jerin duk ƙararrakin da ke kanmu da tambayoyin nan biyu a gaban kowace ɗaya, na kuma roƙi mai kula da sito ya riƙa sanar da ni duk ƙorafin kwastoma da ya shafi mutuwar kaji ko da ba a je kotu ba, don na bana ma akwai guda ɗaya da muke jiran sakamakon gwajinsa.