Yadda Na Jera Hotuna Shida na Tuwon Shinkafa da Miyar Taushe

Yayata tana dafa abincin biki da na suna a gidanta da ke Gandun Albasa, kuma yawancin masu ba ta aiki sai sun ga hoton girkinta a waya kafin su yi magana da ita. Da ta so ta tsayar da hoto guda na tuwon shinkafa da miyar taushe wanda za ta riƙa tura wa duk mai tambaya, sai ta miƙo mini hotuna shida da ita da 'yarta suka ɗauka, ta ce in jera mata su daga wanda ya fi sa mutum jin yunwa zuwa wanda ya fi kashe sha'awa. Dukkansu daga tukunya ɗaya aka zuba su, a rana ɗaya, da waya ɗaya, saboda haka duk bambancin da ido zai gani ba daga girkin ya fito ba, daga haske ne, ko daga inda aka tsaya aka ɗauka, ko daga yadda aka zuba abincin.

Abin da na fara yi shi ne na ƙi kallon su gaba ɗaya a jere, domin idan mutum ya zuba wa hotuna shida ido lokaci guda, wanda ya fi launi mai ƙarfi ne yake fizgar hankalinsa, ko da kuwa ba shi ne ya fi kama da abincin da ake marmari ba. Sai na haɗa su biyu-biyu. Hotuna shida suna ba da haɗi 15, kuma a kowane haɗi tambaya ɗaya ce tak: a cikin waɗannan biyun, wanne za ka fara sa wa hannu? Na guji tambayar wanne ya fi kyau, saboda kyawun hoto daban, jan ran mai ci daban, kuma wannan bambancin shi ne ya zama ginshiƙin aikin. Na nuna wa mutanen gida da wasu maƙwabta a waya ɗaya, ba tare da na canza hasken allon ba, ban faɗa wa kowa wanda ya ɗauki wane ba, kuma ina sauya wanda nake fara nunawa, domin wanda aka fara gani yakan zama ma'aunin na biyu. Kowa kafin cin abincin rana na tambaye shi, don wanda ya ƙoshi ba ya bambance hoton tuwo da kyau.

Haske ne ya fara fitar da biyu daga takara, kuma babu wanda ya yi musu a kansu. Na ƙarshe a jerin shi ne wanda aka ɗauka a kicin da filasha, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki. Filashar waya tana fitowa ne daga gefen kyamarar kanta, saboda haka haskenta yana dukan abinci ta gaba kai tsaye ya share inuwa, kuma inuwar nan ita ce take nuna wa ido cewa malmala tana da tudu da laushi. Tuwon ya fito fari fat, a shafe, babu alamar shinkafa a jikinsa, maiƙon da ke saman miya kuma ya mayar da hasken ya zama fararen ɗigo-ɗigo masu kashe ido. Ƙari a kan haka, farin ƙwan nan haskensa yana da shuɗi-shuɗi, shi ya sa ruwan ɗorawar kabewa da jan manja suka dushe, miyar ta yi kamar wadda ta kwana. Wanda ya biyo shi daga ƙasa shi ne na tsakar gida a cikin ranar azahar. A nan hasken ya yi yawa ne: wayar ta kasa riƙe farin tuwo da duhun miya a lokaci guda, saman malmalar ya ƙone ya rasa kamanni, gefen kwano ya jefa baƙar inuwa a kan rabin naman, ga kuma inuwar hannun mai ɗauka ta faɗo a gefe. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan matsala ita ce a buɗa hoton a duba wuri mafi fari a jikin tuwon. Idan babu komai a wurin sai fari zalla, to babu gyaran da zai dawo da abin da ya ɓace.

Sauran huɗun duk a falo aka ɗauke su, kusa da tagar da ke kallon gabas, bayan azahar, lokacin da rana ta koma ɗaya ɓangaren gidan, haske yana shigowa a wadace amma ba ya dukan abinci kai tsaye. An kashe ƙwan ɗakin, wanda hakan daidai ne, domin idan hasken taga da na lantarki suka haɗu, gefe ɗaya na tuwon yakan yi ɗorawa, ɗayan ya yi shuɗi. A cikin irin wannan haske da ke zuwa ta gefe, malmala tana samun ɓangare mai haske da ɓangare mai 'yar inuwa, ganyen alayyafo yana fitowa kore a cikin miya, maiƙo kuma yana yin sheƙi mai taushi maimakon ƙyalli. A tsakanin waɗannan huɗun ne aikin jerawa ya yi wuya.

Wanda ya fi tsari a idona shi ne wanda aka ɗauka daga sama tsaye: akushi a tsakiya, faifai a gefe, komai ya zauna a muhallinsa. Amma na huɗu ya zo, kuma da na sake dubawa na ga dalili. Ɗauka daga sama ta dace da abincin da yake a shimfiɗe, irin su gurasa da aka barbaɗa wa ƙuli ko tiren waina, inda duk abin da ake son gani yana fuskantar sama. Tuwo kuwa tudunsa ne kwarjininsa, kuma daga sama malmala takan koma farin da'ira kawai. Sai dai akwai wani abu da ya rage wa wannan hoto daraja wanda ba laifin kusurwar ba ne: shi aka ɗauka a ƙarshe, bayan miyar ta huce, mai ya ware ya kwanta a gefe, saman tuwon ya fara bushewa. Wannan ya nuna mini iyakar irin wannan jeri, domin idan hotuna biyu sun bambanta ta fuska biyu, ba za a iya rantsuwa a kan wacce ce ta kayar da ɗaya ba.

Na uku shi ne wanda aka fara ɗauka a cikin huɗun nan na falo, abinci yana da zafi, an sa kwanon tsakanin mai ɗauka da taga. Tururi ba ya fitowa a hoto sai haske ya biyo ta bayansa kuma akwai ɗan duhu a can baya, kuma a nan an dace da duka biyun, shi ya sa yara da matasa suka so shi ƙwarai. Abin da ya hana shi hawa sama shi ne an kai wayar kusa da kwano sosai. Babbar kyamarar waya an yi ta ne don ta ɗauko wuri mai faɗi, saboda haka idan aka matsa da ita, abin da ke gaba yakan kumbura, na baya ya ƙanƙance. Ƙashin da ke bakin kwano ya fito ya kusa kai girman malmalar, kwanon kansa ya karkace. Maganin wannan shi ne a ja da baya kamar taku guda, a danna 2x idan wayar tana da shi, sannan a taɓa kan tuwon a allo a ɗan rage haske. Tiren da aka ɗora kwanon a kai ma mai zanen furanni ne ja da shuɗi, yana ta jan ido daga miyar.

Biyun da suka rage duk daga inda mai ci yake ganin abinci idan ya zauna a gabansa aka ɗauke su, wato a karkace, kusan rabin tsakanin sama da gefe, kuma haskensu ɗaya ne. Zubi ne kaɗai ya raba su, shi ya sa na fi amincewa da abin da wannan haɗin ya koya mini. A ɗayan, farin tangaran ne, an kwarara miya a kan tuwon har ta rufe shi, nama ya nutse a ciki, ga ɗigon miya biyu a bakin farantin. A ɗayan kuma baƙin akushi ne irin wanda ake samu a Kasuwar Kurmi, malmala ɗaya a gefe, an shafe ta da ruwa ta yi sumul, miya ta kewaye ta ta hau kusan sulusinta, an tsamo yanka uku na nama da guntun kabewa an ɗora a sama inda haske zai same su, an kuma goge bakin akushin tas. Farin tuwo a kan farin faranti ba shi da iyakar da ido zai kama, amma a cikin baƙin akushi sai ya fito sarai, launin miyar ma ya ƙara ƙarfi.

Na yi zaton akushin zai wuce ba tare da gardama ba, amma tsofaffin gidan sun tsaya wa farantin. Innarmu ta daɗe tana kallon su biyun, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan na akushin ya yi kyau, amma miyar ba za ta kai ni ƙarshen tuwon ba." Maganarta ta nuna mini abin da ban sa a lissafi ba: mutumin Kano idan ya kalli tuwo, yana auna wadatar miya da nama ne tun kafin ya lura da tsari, kuma kwanon da aka yi wa zubin ƙwalisa yana iya karantuwa a matsayin rowa. Duk da haka akushin ne ya fi cin haɗe-haɗensa, farantin yana biye da shi kusa-kusa, sai mai tururi, sai na sama, sai na tsakar gida, sai na kicin.

Kafin in miƙa wa Yaya jerin, na rage hotunan biyu na sama zuwa ƙanƙanin girman da suke fitowa a cikin saƙon waya kafin a buɗe su, domin a haka mai ba da aiki zai fara ganinsu. A wannan girman farantin ya zama dunƙulen ruwan ɗorawa da ba a gane ko mene ne, akushin kuwa ana ganin tuwo, ana ganin miya, ana ganin nama. Na ce mata, "Yaya, na akushin ne na ɗaya, amma da za ki sake ɗaukarsa da ƙarin ludayi guda na miya tun tana da zafi, zai gamsar da su Inna ma." Ta yarda, ta kuma ƙara da nata sharaɗin, cewa yawan naman da zai fito a sabon hoton ba zai wuce wanda take zuba wa kowane kwano a ranar biki ba, domin da shi masu ba ta aiki za su auna abin da aka kai musu.