Godiyar iyalan gidanmu bayan tashi daga zaman makoki

Assalamu alaikum. A madadin Inna da ƙannena da dukkan iyalan gidanmu da ke ƙasar Ringim, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya tare da mu tun daga jinyar Baba har zuwa tashi daga zaman makoki. An naɗe tabarmi, baƙi sun koma gidajensu, kuma sai yanzu muke jin nauyin gajiyar da muka tara.

Ba al'adarmu ba ce ware wasu a irin wannan godiya, amma a yi mini afuwa in ambaci Malam Liman da ya jagoranci wanka da salla, da Dagaci da bai bar ƙofar gidan ba har aka yi sadakar uku, da Sarkin Noma da ya haɗa gayya aka girbe geron da Baba ya bari a gona. Allah ya saka musu da alheri.

Akwai kuma wani malamin firamare da ya taɓa zama a soronmu lokacin da aka turo shi aiki garin nan. Saƙonsa ya shigo ƙaramar wayata a daren farko, ga kuma abin da ya ƙunsa gaba ɗaya: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban taɓa kwana da yunwa a soronsa ba, kuma bai taɓa karɓar ko sisina ba. A gaya wa Inna ina yi mata haƙuri, ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda."

Inna ba ta karatun boko, saboda haka ni nake durƙusawa a bakin ɗakin da take takaba ina karanta mata saƙonni da hasken tocila. Dogayen sukan gajiyar da ita kafin in kai rabi, wasu ma a gutsuttsure suke isowa, domin saƙon waya ɗaya ba ya wuce harafi 160, ga kuma raunin sabis a wajenmu. Da na karanta mata wannan sai ta ce, "Maimaita mini wajen soron nan." Na maimaita, ta share hawaye da bakin hijabinta, ta ce ashe akwai wanda ya riƙe.

Ranar Juma'ar ya zo kamar yadda ya ce, kuma a hira ya faɗa mini cewa da farko dogon rubutu ya yi, sannan ya bi shi yana sokewa. Ya soke wa'azin da ya jero a kan mutuwa, domin ya san gidan ba ya rasa malamai a irin wannan rana. Ya soke uzurin nisa da na aiki, saboda da ya bar shi, da saƙon ya koma magana a kansa maimakon a kan mamaci. Ya soke tambayar wace cuta ce da kuma yaushe ta yi tsanani, tunda amsa ta aiki ne ga wanda bai runtsa ba. Ya ce jimlar soron ce kaɗai ya kasa taɓawa, ni ma a ganina ita ce ta riƙe saƙon, domin addu'a kowa yana iya yin ta, amma wannan shaida sai wanda ya ci tuwon gidan. Da Malam Liman ya ji, sai ya tuna mana cewa saƙon da Manzon Allah (SAW) ya aika wa 'yarsa game da ɗanta shi ma gajere ne: abin da Allah ya karɓa nasa ne, abin da ya bayar nasa ne, komai a wurinsa yana da ajali, ta yi haƙuri ta nemi lada.

Mun kuma sami dogayen saƙonni masu ado daga wasu 'yan uwa na jini da ke cikin birnin Kano, waɗanda har yau ba mu ga ƙeyarsu ba. Ɗaya daga ciki ma "Allah ya jiƙanta" aka rubuta, alamar turowa aka yi daga wata rasuwar ba tare da an karanta ba. Wannan ban karanta wa Inna shi ba. Mun gode duk da haka, Allah ya bar zumunci.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta. Allah ya jiƙan magabatanku, ya biya wa kowa buƙatunsa, ya ba Inna juriyar kammala takabarta lafiya, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.