Abin da aikin turbo ya koya min a gareji

A garejinmu na Farin Gada nan Jos, da mota ta shigo tana fito kuma ba ta ja, mai ita ya riga ya yanke hukunci wai turbo ya mutu. To ni dai abin da na koya a hannun oga shi ne turbo ne na ƙarshe da ake kwancewa, don sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Akwai wata Sharon mai dizal, injin 1.9, direban ya ce in ya kama Hawan Kibo da lodi sai ta fara fiii, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfi ya ɗauke sai ya kashe ya sake tayarwa. Sikana ta ba mu P0299, wato iskar da ke shiga injin ba ta kai wadda kwamfuta ta nema ba. Shi kansa hayaƙin magana yake, baƙi na nufin dizal ya yi wa iska yawa, iskar tana zurarewa a hanya kenan. Da shuɗi ne mai ƙaurin baƙin mai da sai mu fara zargin turbon, ko a nan ma sai an duba bututun da ke mayar da mai ƙasa, don in ya toshe sabon turbo ma zai yi ta zubar da mai.

Oga ya sa muka toshe bakin tiyo, muka hura iska matsinta ya kai kamar bar 1 muna yayyafa ruwan sabulu, sai ga kumfa a ƙasan tiyon da ke zuwa intakula, mai sanyaya iskar da turbo ya turo. Tsaga ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, mota na tsaye a rufe take ruf shi ya sa ido bai gani, sai an taka wuta take buɗewa. Wurin duk ya yi danshin mai da ƙura, alamar da yanzu nake fara nema kenan.

Mun canza tiyo fito ya tafi, amma ja bai dawo duka ba. Direba har ya fara, "Oga ai na faɗa maka turbon ne." Oga ya ce, "Alhaji yi haƙuri mu ga sandar nan tukuna." Sandar akcuweta yake nufi, wadda bakum, wato zuƙar iska, ke ja ta buɗe ko ta tsuke fukafukan cikin turbo. Da famfon hannu ya kamata ta tafi sumul har ta kai maƙura in agogon famfon ya nuna bakum wajen inci 18, wannan kuwa bakum ɗin bai ma isowa, siririn tiyon da ya taho daga bawul ɗin N75, mai sarrafa bakum ɗin da ke zuwa akcuweta, ya bushe ya dare.

Wani abu kuma da ke ruɗa yara a nan, Jos tudu ce, ka buɗe makulli injin a kashe sikana za ta nuna matsin iska wajen miliba 880 maimakon 1000 da ɗan wani abu. Ba sensa ce ta lalace ba, kar a sa mutum sayen wata.