Yadda na haɗa sunan mutum ɗaya da ya rabu gida biyar

An ba ni littafin rajista na hannu in kwafe shi cikin Excel, layi 640. Da na gama, na sa `UNIQUE` ta fitar mini da sunayen masu karɓar kaya, sai ta ba ni 212, alhali mai littafin ya ce mutanensa ba su wuce 150 ba. Na jera sunayen daga A zuwa Z, nan na ga inda gizo ke saƙa: Abdullahi, Abdulahi, Abdullah, Abdul, da wani Abdullahi kuma wanda a ido bai da bambanci da na farko.

Saboda gaggawa na buɗe `Find and Replace`, na ce duk inda aka ga Abdul a mai da shi Abdullahi. Ban danna `Match entire cell contents` ba. Sai Abdulkarim ya koma Abdullahikarim, Abdullahi na ainihi kuma ya zama Abdullahilahi. Allah ya sa na lura kafin in adana.

Daga ranar ba na taɓa ginshiƙin da na kwafa. Yana nan yadda yake a littafi, gyara kuwa a gefensa nake yi. Na fara da shara, domin wancan Abdullahi na biyar tazara ce maƙale a ƙarshensa. Wasu sunayen da na ɗauko daga saƙon imel kuma suna ɗauke da wata tazarar da `TRIM` ba ta cirewa ita kaɗai:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(B2,CHAR(160)," "))
```

Wannan kawai ya sauko da 212 zuwa 187. Sauran sai da ido. Na buɗe wata takarda mai suna `Taswira`, hagu yadda aka rubuta, dama yadda muka amince a rubuta, sannan na jawo sunan da aka daidaita:

```
=VLOOKUP(C2,Taswira!A:B,2,FALSE)
```

Duk inda `#N/A` ta fito, na san akwai rubutun da ban shigar ba tukuna.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne yanke hukuncin wa da wa za a haɗa. Kama da wane ba ta wane. Harafi ɗaya ne tsakanin Hassan da Hassana, amma mutum biyu ne, yayin da Muhammad da Moh'd, duk da nisan rubutunsu, lambar wayarsu ɗaya. Don haka ba na haɗawa sai lambar waya ko sa hannun da ke littafin ya ba da shaida. Shi kuwa Abdul, ashe layukansa na mutum uku ne, taswira ba za ta iya raba su ba. Layuka 11 na yi wa launin rawaya na mayar wa mai littafin. Ya gane 9, biyun kuma har yau Abdul ne a rubuce.