Zaɓen salansar bututun iska: ku fara lissafi daga zangon 125 Hz

Ƙannena masu shigowa aikin zanen na'urorin sanyaya gini, ƙarar fanka ba lamba ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya zaɓi salansar bututun iska da lamba ɗaya zai iya kashe kuɗin mai gini ya bar masa rugugi a ɗaki. Ana raba ƙarar zuwa zango takwas gwargwadon kaurinta ko sirantarta, daga mai kauri 63 Hz zuwa siririya 8000 Hz, kuma ma'aunin ƙarar ɗaki na NR da muke rubutawa a takardar kwangila yana da iyakarsa a kowane zango. Idan an ce ɗaki ya tsaya a NR 35, ana nufin kada ƙarar ta wuce kimanin 63 dB a 63 Hz, 52 a 125 Hz, 45 a 250 Hz, 39 a 500 Hz, da 35 a 1000 Hz. Zango ɗaya tak idan ya haura iyakarsa, shi ne zai yanke darajar ɗakin baki ɗaya, komai kyan sauran.

Na koyi wannan ne a wani zauren taro a Birnin Kebbi, inda ɗakin injina yake jikin zauren, bango ɗaya ne tsakaninsu. Na'urar tana tura iska kubik mita 3 a daƙiƙa, kuma an nemi NR 35. Takardar masu ƙera fankar ta nuna ƙarfin sautinta 88 dB a 125 Hz da 80 dB a 1000 Hz. Ni kuwa na duba kundin masu sayar da salansa, na ga wata mai tsawon milimita 900 wadda aka rubuta tana rage 30 dB, na ɗauke ta ba tare da na tambayi a wane zango take yin hakan ba.

Ga yadda lissafin yake idan aka bi shi daki-daki. A 1000 Hz, bututu da kwane-kwanensa sun cinye kimanin 8 dB, faɗin zauren ya rage 10, saura 62. Salansar ta ɗebe 30, aka sami 32, ƙasa da iyakar 35. A nan babu laifi. A 125 Hz kuwa, bututun ƙarfe mara shimfiɗa a ciki bai rage fiye da 4 dB ba, bakin fitar iska ya mayar da 4 baya, zauren ya rage 10, saura 70. Tun da iyakar 52 ce, abin da ake buƙata daga salansa 18 dB ne, alhali wadda na zaɓa 7 kawai take iya ragewa a wannan zangon. Aka tashi da 63 dB a 125 Hz, wanda ya jefa zauren wajen NR 47. Ranar da aka tayar da na'urar, mai magana a kan mumbari sai ya ɗaga murya, kuma na baya suna jin wani rugugi kamar tirela ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe injinta ba.

Dalilin raunin salansa a ƙananan zango ba ɓoyayye ba ne. Tsawon igiyar sauti a 1000 Hz kimanin santimita 34 ne, saboda haka audugar dutse mai kaurin santimita 10 ko 20 da ke cikin fallayen salansar tana shanye ta da sauƙi. A 125 Hz tsawon igiyar ya kusa mita 3, kuma irin wannan sauti yana ratsa gajeriyar salansa ya wuce kusan yadda ya shigo. Maganinsa shi ne ƙarin tsawo, da fallaye masu kauri, da ƙuntata hanyar iska tsakaninsu. A wancan zauren sai da muka koma ga mai tsawon milimita 2400 kafin muka kai 18 dB ɗin, kuma da tun a zane na nemi wurinta, da ba a fasa rufin kwano da silin ba.

Sai dai ƙuntata hanyar iska yana da farashinsa, kuma a nan ne matasa da yawa suke gyara wani wuri su ɓata wani. Babban bututunmu milimita 800 ne a 500, wato iska tana gudun mita 7.5 a daƙiƙa. Da an yi salansar daidai girman bututun, kashi 40 cikin 100 na fuskarta kawai a buɗe, da gudun iska tsakanin fallayen ya kusa mita 19 a daƙiƙa. A irin wannan gudu salansar da kanta take haifar da huci, kuma takan ci matsin da fanka ba ta da shi, iska ta ragu a zaure a watan Afrilu lokacin da zafin Kebbi yake kan ganiyarsa. Ƙarar da iska ke haifarwa tana hawa da sauri ƙwarai: ninka gudu sau biyu yana ƙara mata 15 zuwa 18 dB. Saboda haka muka faɗaɗa fuskar salansar zuwa milimita 1200 a 800, gudun cikin fallayen ya sauko kusan mita 8, kuma muka yi faɗaɗawar a hankali, ba da kwana mai kaifi ba. Ni dai ina ƙoƙarin kada salansa ta ci fiye da 50 Pa na matsin iska, kuma ba na liƙa ta a bakin fanka ko a bayan kwana, domin alƙaluman kundi an auna su ne da iska mai shigowa a miƙe; a bar mata miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗinsa sau uku zuwa biyar idan wuri ya bari.

Wurin da aka ɗora salansa ma yana iya rusa lissafi mai kyau. Idan ta zauna a tsakiyar ɗakin injina, bututun da ya biyo bayanta yana cikin hayaniyar ɗakin, kuma ƙarar za ta sake ratsa siririn ƙarfensa ta shiga, ta bi iska zuwa zaure. Idan kuma aka kai ta cikin silin zauren, bututun da ke gabanta zai zubar da rugugin ta jikinsa a kan mutane. Mazauninta shi ne jikin bangon ɗakin injina, inda bututu zai fita, a cusa audugar dutse a ratar da ke kewaye da ita sannan a toshe fuskokin biyu da abin liƙi mai laushi. Bangon kansa, idan bulo ne mai rami na inci 9, a cika ramukan da kankare a yi masa filasta ciki da waje, domin nauyi ne yake tare ƙara mai kauri. Kada kuma a manta da hanyar da iska take komawa ga na'ura: magina sukan bar mata rami kawai a bango sama da silin, alhali fanka tana fitar da ƙara ta baya kusan yadda take fitarwa ta gaba, saboda haka ita ma tana buƙatar salansarta da nata lissafin.

Wajen karɓar aiki, kada ku gamsu da lambar dBA, domin wannan ma'aunin yana zaftare 16 dB daga zangon 125 Hz kafin ya nuna muku sakamako, wato yana rage nauyin ainihin abin da ke damun mutane. Ku nemi na'urar awo mai raba zango, ku auna a wurin zaman mutane da fanka a kashe, sannan ku sake aunawa tana aiki da cikakken gudunta. Idan bambancin bai kai 10 dB ba, ƙarar janareta ko ta titi ta shiga awonku, sai ku gyara lissafin ko ku jira lokacin da wutar gari take nan. Kunne ma yana taimakawa: huci siriri a bakin fitar iska yana nuna gudu ya yi yawa ko an matse marufin daidaita iska, rugugi daga bututu yana nuna salansa ta gaza a ƙananan zango, kuma idan kun ɗora tafin hannu a bango kuka ji yana karkarwa, ku koma ɗakin injina ku duba sifirin da na'urar take zaune a kai da ƙyallen da ya haɗa ta da bututu.