Abin da H3N2 ta koya mini game da allurar mura

Iyaye mata a nan Damagaram sun saba da allurar ƙyanda, wadda kariyarta ke daɗewa. Shi ya sa idan na ce ta mura mai zafin zazzaɓi, wato infuluwanza, sai an sabunta ta duk shekara, sukan ce, "Likita, ashe ba ta da ƙarfi?" Tarihin ƙwayar H3N2, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke haddasa wannan mura, da na bi a karatuna, shi ya ba ni amsar da nake ba su.

A bayan ƙwayar akwai ƙayoyi iri biyu, H da N. Garkuwar jiki da su take gane ta, musamman H, kamar yadda kake gane maƙwabcinka da fuskarsa. To, ƙwayar tana kwafar kanta a cikin jikinmu ba tare da gyara kurakuran kwafin ba. Kuskure kaɗan yau, kaɗan gobe, har kamannin H su sauya, garkuwar bara ta daina kama ta sosai. Wannan shi ne sauyin sannu-sannu, kuma ba ya tsayawa.

Saboda shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya take zama a Fabrairu da Satumba don zaɓen ƙwayoyin da za a sa a allura. Sarrafa ta yakan ci wajen wata 6, ƙwayar kuwa ba ta jira. A 2014, bayan zaman Fabrairu, wata H3N2 da ta riga ta sauya ta mamaye, kariyar allurar ta ragu ƙwarai a sanyin da ya biyo baya. Alamar haka ita ce a riƙa ganin waɗanda aka yi wa allura suna kamuwa da yawa, amma ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. A Nijar, majinar da ake ɗauka daga hanci cibiyar binciken lafiya ta CERMES ake kai wa a Yamai.

Sauyi na biyu shi ya fi tayar mini da hankali. Kayan gadon halittar ƙwayar gutsure 8 ne. Idan iri biyu suka shiga jiki ɗaya, na mutum ko na alade, suna iya musayar gutsuren. Haka H3N2 ta samu a 1968: H2N2 da ke yawo cikin mutane ta karɓi gutsure biyu daga ƙwayar tsuntsaye, ciki har da sabuwar H, ta riƙe N ɗinta. Jikin yawancin mutane bai san ta ba, sai ta zama annobar duniya.

Mu da kaji da agwagi ke kwana cikin gidajenmu, wannan ba labarin nesa ba ne. A Fabrairun 2006 an tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a Magarya. Har yau ba ta iya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba, kuma allurar shekara-shekara ba don ita aka yi ta ba. Don haka in hunturu ya kama, aka kawo mini mai zazzaɓi da tari da ciwon gaɓoɓi, nakan tambaya ko kaji sun mutu a gidan kwanan nan, kuma wa ya fige su.