"Ka ƙara masa rai"

Tun azahar maganar nan ta Oga take min yawo a ka. Ina gyaran kalar fim a kwamfuta, ya tsaya bayana yana shan shayi ya kalli sin ɗin da muka ɗauka ranar Lahadi kusa da Gobarau, ya ce wai in ƙara masa rai, ya fice. Ni kuwa na kama Saturation, wato ƙarfin kala, na ɗaga daga 50 zuwa 65. Da ya dawo sai cewa ya yi, "Kai yaro, wa ya ce ka shafa wa mutane manja a fuska?" Ashe shi rai a wajensa duhun ya zauna daram, hasken ya fito, wato Contrast. To Oga da ka ce haka mana!

Kuma ainihin ciwon ba ma nan yake ba. Shot takwas ne a sin ɗin, hira ɗaya ta minti biyu, amma daga la'asar muka fara har aka kusa kiran magariba, ga hazo ya wanke komai ya yi fari fat. Kyamara ɗaya na kafe ɗumin kalarta a 5600K, ɗayar kuma Auta ya bar ta a Auto, shi ya sa katangar nan ta jar ƙasa a wani shot ɗin ja ce, a na gaba ta koma kamar toka, rigar dattijon mai shuɗin baba har kore-kore take yi.

Sai da na goge komai na sake. Na zaɓi shot ɗaya da ya fi kyau na yi masa Grab Still, wato na ajiye hotonsa, shi ne uba, sauran duk da shi zan gwada su gefe da gefe. Kowane shot na fara da farar hular dattijon, ina taɓa Temp da Tint har ja da kore da shuɗi suka daidaita a ma'aunin Parade, sannan na duba fata a ma'aunin Vectorscope ta hau layinta, don baƙar fata ma kan layin nan take zama, haske da ƙarfin kala ne kawai suke bambanta. Waɗanda suka zama ɗaya na haɗa su a guruf na zuba kalar sau ɗaya a Group Post-Clip. Kala uku kawai na bari su yi magana, jar ƙasa, shuɗin baba, da fata. Wani koren bokiti da ke bayan tsohon na rage masa ƙarfi ya yi shiru.

Da yamma na ce, "Oga dan Allah mu yi yarjejeniya, ɗumi yana nufin Temp, nauyi Contrast, ƙarfin kala Saturation." Ya yi dariya ya ce shekara nawa yana fim ba a taɓa yi masa ƙamus ba. Amma ya yarda.

An ɗauke wuta kafin in gama shot na bakwai. Tuwon Inna ya huce.

Na takwas ɗin nan dai rana ta riga ta faɗi, in na ɗaga shi sai tsaki-tsaki ya cika inuwa, kuma na san gobe ni za a kalla, ba Auta ba.